Hannun da Ba Ta Cika Aiki da Shi Ba

Shugabar sashenmu, tsohuwar ungozoma ce, doka ɗaya ta kafa mini kan fassarar takardar tazarar haihuwa: kada a ji ra'ayina. Ta bi aikina da jan biro ta kashe duk wani "gara" da "ya fi". Ƙwaya kullum ake sha, cikin mata ɗari kusan bakwai kan yi ciki a shekara. Allura duk wata uku, kusan huɗu, kuma bayan an daina haihuwa kan yi jinkirin dawowa. Ashanar fata, wadda ake dasawa a jiki, shekara uku zuwa biyar, ko mace ɗaya ba ta cika ba. Ƙirgen kwanaki ba magani, amma sai miji ya ba da haɗin kai. A jera su kawai, mace ta zaɓa.

Kafin a kai ɗab'i, ƙa'ida ce a karanta wa waɗanda ba ma'aikata ba, a ji abin da suka fahimta. Don ƙiwa na ɗauko takardar na kawo gida.

Na tarar da Mama a falo tana yanke farce, matar ƙanina kuma tana ninke wanki. Amarya muke ce mata har yau, ko da yake 'ya'yanta biyu. Duka biyun aiki aka yi mata, na biyun saura ƙiris ta tafi, likita ya ce ta huta aƙalla shekara biyu. Ƙanina ya ce to a asibiti, ya dawo gida ya ce sai abin da Mama ta ce. Ni Amarya ta samu a kicin, ni na raka ta aka sa mata ashanar. Daga ni sai ita muka sani.

Na karanta ƙwaya, na karanta allura. Mama ba ta ɗago ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya gidan miji ko ɓari ba ki yi ba, aka dawo mini da ke. Yanzu ke ce malamar tazara."

Amarya ta yi dariya. Ƙarama ce, irin wadda suruka kan yi don a zauna lafiya, na kuma san haka. Amma ta ƙona ni fiye da maganar Mama, don ta Mama na saba da ita.

Na juya shafi. "Ashanar fata ɗan siririn abu ne kamar tsinken ashana. Ana sa shi ƙarƙashin fatar damtse, ta ciki. Ba a cika ganinsa ba, amma in an taɓa da yatsa ana jinsa."

Mama ta ajiye reza. Ta dubi Amarya, wadda yaronta ya shekara ɗaya da rabi ba wani labari.

"Zo nan, 'yata."

Amarya ta zo ta durƙusa. Mama ta kama hannunta na hagu, ta ture mayafin, ta bi damtsen da babban yatsa tun daga gwiwar hannu har hammata, kamar mai zaɓen tumatir. Ba ta ji komai ba. Ta sake shi, har da ɗan shafa mata kafaɗa, kunya ta ɗan kama ta. Amarya ta saki numfashi, ta dube ni da idon godiya.

Da na tsaya nan, da shi ke nan. Na san layin da ke biye, ni na rubuta shi, sau uku ina gyara shi don ya fita sarai.

"Ana sa shi ne a hannun da mace ba ta cika aiki da shi ba."

"Yaya," Amarya ta ce, can ƙasa.

Ban dube ta ba. Na yi tambayar da ke kan fom ɗin gwaji, da muryar aiki: "Mama, me kika fahimta a nan?"

Mama ta dubi Amarya. Shekara huɗu tana yi wa yarinyar nan faɗan miƙa mata kofi da hagu.

"Na fahimta," ta ce. "Bahaguwa ce. Miƙo ɗayan."

Ba ta daɗe tana nema ba. Ta danne wurin da yatsa, ta riƙe, da ɗaya hannun ta lalubo wayarta ta kira ƙanina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya taso daga shago yanzu, gobe da safe zai kai matarsa a cire mata wani abu.

Amarya ba ta yi kuka ba. Tana durƙushe, hannunta a hannun Mama, ni take kallo. Na sunkuya na cike fom ɗina. Na so in ji nadama a lokacin, amma abin da na ji sanyi ne, don yau ba ni ce a bakin Mama ba.

Washegari shugaba ta karanta fassarar daga farko har ƙarshe, jan biron bai taɓa takarda ba.

"Ko kalma ɗaya ba ki yanke wa kowa hukunci ba," ta ce. "Masu sauraron sun gane kuwa?"

Na ce mata sun gane sarai.