Ƙwai Tara na Bayan Itace

Ranar kasuwa ta zo, ƙafar Umma kuma ta kumbura. Jiya ta zame a bakin rijiya, yau ko takawa ba ta iya yi. Dole Auta, ƙaramar 'yarta, ta kai ƙwai kasuwa ita kaɗai.

Umma ta zauna a kan tabarma ta jera ƙwai arba'in a cikin kwano. Ta zuba dusa a ƙasa, ta sa ƙwai, ta ƙara dusa, don kada su bugi juna a hanya.

"Kai tsaye wurin Iya mai ƙwai za ki," in ji Umma. "Rumfa ta uku bayan masu kaji. Shekara bakwai ina kai mata. Ƙwan kowa tana dubawa, nawa ba ta dubawa. Kada ki tsaya surutu da kowa."

"Ni da surutu, Umma?"

"Haka ne fa. Ke ko gaisuwa sai an ciro ta daga bakinki."

Auta ta fita tsakar gida ɗauko gammo. A bayan tarin itace ta ga baƙar kazarsu ta fito tana kyarkyara. Ta leƙa, sai ga ƙwai tara a ɓoye. Murna ta kama ta. Ta ce a ranta kuɗin waɗannan zai sayi man zafi na ƙafar Umma. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta tura su cikin dusa tare da sauran, ta ɗora kwano a ka, ta kama hanya.

A mota ta rungume kwanon a cinya. Duk ramin da aka faɗa sai ta ƙara ƙanƙame shi. Sau biyu ta sa hannu ta gyara ƙwan, na sama ya koma ƙasa, na gefe ya koma tsakiya.

Tun a bakin kasuwa hayaniya ta tare ta. Masu kura suna ihu a ba su hanya. Wani dogon mutum, cikin masu tare kaya kafin su shiga ciki, ya kama bakin kwanonta.

"'Yan mata, ƙwai ne? Sauke mu gani. Na hutar da ke yawo."

"Akwai mai shi," ta ce a hankali.

"Me kika ce? Ɗaga murya mana, ko kuɗi ake biya?"

Ta riƙe kwanonta da hannu biyu ta wuce da sauri. Ta bi ta layin masu albasa, ta ratsa masu kaji, ta ƙirga rumfa ɗaya, biyu, uku.

Iya mai ƙwai tana nan, babbar mace mai tabarau, zaune a tsakiyar tirori na ƙwai. Amma faɗa take yi. Wata mata tana tsaye a gabanta da kwando.

"Wancan makon ƙwanki biyu suka fashe a shagon mai saye na," in ji Iya. "Wari ya kori mutane. Ni aka zaga, ba ke ba."

"Iya, kuskure ne. Kazar ce ta ɓoye su, ban san sun kwana biyu ba."

"To ki kai wa kazar ta saya. Ni da ke mun gama."

Auta ta tsaya cak. Kazar ce ta ɓoye su. Ita ma ba ta san ranar da baƙar kaza ta fara ɓuya a bayan itace ba. Kaza ba ta yin ƙwai tara a kwana ɗaya. Na farkon ya yi kwana goma ko fiye a wurin, rana tana dukan itacen. Kuma yanzu duk sun gauraye. Idan Iya ta karɓa ba ta duba ba, ɗaya ya fashe a shagon wani, shekara bakwai ta Umma ta tafi ke nan.

Ta juya kafin Iya ta gan ta.

Ta shiga layin masu atamfa, ta fito. Ta zaga ta wurin mahauta, ƙudaje suka bi ta, ta dawo. Ta sauke kwanon a gindin wani bango, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta juya shi. Fari ne kamar sauran. Ta ɗauki wani ta girgiza a kunne, amma ƙarar injin niƙa ta hana ta jin komai. Ta sake ɗaukar kwanon, ta sake zagawa. Rana ta ɗaga, wuyanta ya fara ciwo. Sau uku ta wuce ta gaban wata mai tumatir.

"Ke 'yar nan," in ji mai tumatir, "kasuwar kike aunawa za ki saya? Zo ki zauna, kina sa ni jiri."

Auta ta tsuguna kusa da ita. Da ƙyar ta faɗi abin da ya faru, idonta a ƙasa.

Mai tumatir ta yi dariya. "Wannan ne ya hana ki sukuni? Ga bokitin da nake yayyafa wa kayana ruwa. Saka su ciki. Sabo zai kwanta a ƙasa, tsoho zai taso."

Auta ta saka su biyar biyar. Yawancinsu suka nutse suka kwanta. Huɗu suka taso saman ruwa suna lilo. Uku suka tsaya a tsaye a ƙasan bokitin, kai sama.

"Masu iyon nan kada ki ba ko maƙiyinki," in ji mai tumatir. "Masu tsayuwa sun fara tsufa, a ci su yau. Sauran lafiya lau."

Auta ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Ta ware bakwai ɗin a leda. Ta goge sauran da bakin mayafinta, ta mayar cikin dusa, ta yi godiya, ta koma rumfa ta uku.

"Ina wuni, Iya. Umma ce ta aiko ni. Ta ji ciwo a ƙafa."

"Ayya! Ke ce autar? Allah ya ba ta lafiya. Kawo nan, na Ummanki ba ya buƙatar dubawa."

Iya ta sa hannu ta ɗauko ɗaya za ta jera a tire. Sai ta tsaya. Dusa ta manne a jikin ƙwan. Ta shafa shi da babban yatsa, ta ɗauko na biyu, ta dubi Auta ta saman tabarau.

"Wa ya jiƙa ƙwan nan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake. Uwarki ba ta taɓa kawo mini jiƙaƙƙen ƙwai ba."

"Ni ce," ta ce. Ta faɗi komai: bayan itace, ƙwai tara, faɗan da ta ji, bokitin mai tumatir. Ta buɗe ledar ta nuna bakwai ɗin.

Iya ta tafa hannu. "Mai tumatir! Ita komai na duniya ruwa take yayyafa masa. Saurara, 'yata. Ƙwai yana fitowa da wani abu a bayansa, kamar shafi, shi ke toshe ƙananan ƙofofin ɓawon. Ruwa yana wanke shi. Da ya tafi, datti ya sami hanyar shiga. Masu saye a wurina shaguna ne, ƙwai yana yin kwana goma a kan teburinsu. Wannan ba zai kai ba a zafin nan."

Ta naɗe wata takarda kamar bututu, ta ɗora ƙwai a bakinta, ta ɗaga wajen rana.

"Leƙa. Kin ga ɗan fili a ɓangaren mai faɗi? Iska ce. A sabo ƙarama ce. Ba ni na ledar." Ta canza. "Yanzu fa?"

"Ta yi girma. Kuma cikin ya yi duhu."

"To haka ake dubawa, ba a wanka."

"Za ki karɓa, Iya?"

"Ba zan karɓa ba."

Idon Auta ya cika da hawaye. Ta fara jawo kwanon.

"Tsaya mana, sarkin sauri. Je ki bakin tasha wurin mai shayi. Shi yau zai soya, yau za a cinye. Ki gaya masa gaskiya an jiƙa su. Zai karya kuɗin, kada ki sallama a tayin farko."

Auta ta sake ɗaukar kaya. Mai shayi yana tsaye a bayan teburinsa, kasko yana ƙara, direbobi sun cika benci.

"Ƙwai na kawo. Iya ce ta turo ni. An jiƙa su, amma sababbi ne," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya fasa ɗaya a kofi. Gwaiduwar ta tsaya dunƙule, ba ta baje ba. Ya yi tayin rabin kuɗi.

"Albarka," in ji Auta.

"Au, ashe tana magana!" in ji wani direba. Benci ya fashe da dariya.

Amma Auta ba ta tafi ba. Mai shayi ya ƙara kaɗan, ta girgiza kai. Ya ƙara, ta tuna uku masu tsayuwa.

"Akwai uku da suka fara tsufa. Idan ka ƙara, ka riƙe su gyara."

"Kai, wannan shirun nata na mugunta ne," ya ce, ya ƙara. Ta sallama.

Kuɗin bai kai na kullum ba, man zafi kuma sai wani jiƙon. Ta kai huɗun nan juji ta ajiye a hankali don kada su fashe. Ɗan kamasho yana kiran motar garinsu, saura mutum biyu. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta fasa. Iya ta ƙi ƙwan yau, amma ba ta ce komai a kan mako mai zuwa ba, kuma wannan ne Umma za ta fara tambaya.

"Shiga ko ki ba mutane wuri!" in ji ɗan kamasho.

Ta juya da gudu, kwano a hammata, ta ratsa masu albasa da masu kaji. Ta iso tana haki.

"Iya, mako mai zuwa mu kawo?"

Iya ba ta ɗago ba, tana ɗaure tire da igiya. "Wa zai kawo, ke ko uwarki?"

"Ni, in ƙafar ba ta warke ba."

"To ki kawo a bushe. Na Ummanki ban taɓa dubawa ba. Naki sai na duba ɗaya bayan ɗaya, har ranar da na gaji." Ta miƙa mata naɗaɗɗiyar takardar. "Riƙe wannan. Kuma ki toshe bayan itacen nan, kazarku ta fi ki wayo."

Auta ta karɓa da hannu biyu ta sa a cikin kwano. Da ta koma tasha motar ta tafi. Ta zauna a bencin mai shayi tana jiran ta gaba, tana ta shirya yadda za ta fara yi wa Umma bayani.