Injinan Gulma

Saura wata goma sha huɗu Maigandi ya yi ritaya aka kira shi gaban wani kwamitin majalisa. Shi ne mai kula da sito a ofishin wata hukumar noman rani ta tarayya da ke Birnin Kebbi.

Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya ce injinan ban ruwa sittin sun shiga sitonsa, sun fita, babu takardar fitarwa ko ɗaya. Ya ba da shawara a nuna inda suke, ko a hukunta wanda aka damƙa wa. Shekara biyu hukumar ba ta amsa ba, sai da kwamitin Majalisar Wakilai mai bin rahoton ya kira shugabanta Abuja. Can ya ce laifin mai sito ne. Shi ya sa aka turo 'yan kwamiti uku su gani da idonsu.

Honarabul Sunusi, jagoransu, bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsorata Maigandi.

"Baba, wa ya ce ka fitar?"

Darakta Atiku, mai kula da ofishin nasu, na zaune gefe yana kallon silin. Shi ne ya bugo waya a wancan rani, ya ce shinkafa na ƙonewa a fadamar garin Gulma, a loda injina, takarda ta biyo baya. Ba ta biyo ba.

"Ranka ya daɗe, waya anka yi min."

"Ban tuna ba," in ji Darakta.

Maigandi ya ciro wani littafin makaranta daga aljihu. A ciki ya rubuta lambar kowane inji da sunan wanda ya karɓa. Mista Job, wakilin ofishin mai binciken, ya duba ya ce wannan ba takardar gwamnati ba ce, amma lambobin sun yi daidai da na takardar saye.

"Gobe mu je Gulma," in ji Honarabul. "In mun ga injina, magana ta sauya. In ba mu gani ba, za mu ba majalisa shawarar a miƙa ka ga masu binciken almundahana."

Da hantsi suka wuce Argungu suka isa. Watan Agusta ne, ruwa ya cinye fadama, kowa ya kwashe injinsa ya kai gida. Manoma sun taru gindin dalbejiya. Job ya kira suna na farko, mutumin ya ce nasa ya lalace ya sayar. Na biyu ya ce yana wajen ƙanensa a Ambursa. Na bakwai ya ce bai taɓa karɓa ba.

Maigandi ya dube shi. Ya san mutumin, da hannunsa ya taya shi ɗaure injin a bayan babur. Ya matsa kusa da shi.

"Tamba, mi na yi maka?"

Tamba ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Tun da fetur ya yi tsada, duk sun kai injinan wajen makanike an mayar da su masu aiki da tukunyar gas. Da labari ya zo cewa mutanen Abuja na tafe ƙidayar injina, sai aka ce duk wanda ya taɓa kayan gwamnati za a ƙwace, a tafi da shi.

Kafin Maigandi ya sami bakin magana, Goggo Zuhura, shugabar mata masu noman shinkafa, ta fito daga lungu tana tura baro. Injinta na ciki, tiyon gas na reto.

"Ga shi nan. In kamu na, ku fara da ni. Amma dattijon ga ba ɓarawo ba ne."

Job ya durƙusa, ya goge laka da yatsa, ya karanta lambar. Ta yi daidai.

"Wannan tiyon fa?" in ji Honarabul.

"Ɗana, kai za ka sai min fetur?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Honarabul ya ce ba gas ya kawo su ba, lamba suka zo gani, kuma ba wanda za a ƙwace wa komai. Tamba ne ya fara tashi ya tafi ɗauko nasa.

Zuwa la'asar an ga arba'in da bakwai. Honarabul ya umarci Darakta, a gaban kowa, ya kawo shaidar sauran sha uku cikin kwana ashirin da ɗaya, da bayanin yadda kaya suka fita babu takarda, da sa hannunsa shi kansa. Sannan ya juya wajen Maigandi.

"Baba, yau ba sunanka za mu miƙa ba. Amma ka fitar da kaya babu takarda, wannan na nan cikin rahoto."

A mota, a hanyar komawa Birnin Kebbi, Maigandi ya buɗe littafinsa a kan gwiwa yana bin sunaye sha ukun. Biyu daga cikinsu sun rasu bara.