Turken Burtali

Hamdiya ta yi wata da watanni tana koyon aiki a wani ɗan gidan radiyo na Dakoro, tana kunna waƙa tana karanta gaisuwa, kafin darakta Na'Allah ya ce ta rubuto sharhi a kan burtali, hanyar da dabbobi ke bi tsakanin gonaki. Kaka ta gabato, garkunan Tagriss sun fara gangarowa kudu. In sharhin ya yi, filin ranar Juma'a nata ne. In bai yi ba, ta koma gaisuwa.

Na'Allah bai hana kowa aiki da manhajar nan ta waya mai rubutu ba. Hamdiya ta tambaye ta, nan take ta zubo shafi guda sumul. Sai dai Hausar Kano ce, kuma kowane layi na ba kowa haƙuri.

Zakiru, mai haɗa sauti, wanda bai taɓa rasa dabara ba ko da ba a tambaye shi ba, ya leƙo.

"Wannan ai sauƙi gare shi. Canza mishi riga kawai."

Suka zauna. Gero ya koma hatsi, makaranta ta koma lakwal, shugaban ƙaramar hukuma ya zama magajin gari. Suka juya farkon jimla ya koma ƙarshe, suka yayyafa "to jama'a" nan da can kamar gishiri. Gaskiya ya yi kama da maganar gida.

Ta karanta wa Na'Allah, ya saurara har ƙarshe, sannan ya karɓi takardar ya kife ta a kan tebur.

"Ɗiyata, kalmomin namu ne, na ji. Kin ce ya kamata kowane ɓangare ya mutunta iyaka. Wace iyaka? A ina?"

Ya ƙara da wata tambayar.

"In makiyayi ya bugo waya ya ce ke me kika gani, wane layi za ki tsaya a kai?"

Ta duba bayan takardar. Kunya ta kama ta, don babu layi ko ɗaya da za ta iya faɗa da ka. Ba ita ta yi tunaninsu ba, wanke su kawai ta yi.

Abin haushin shi ne ta san burtali sarai. A Korahane ta tashi, gonar babanta Abarci na bakin burtalin. Tana yarinya ta ga an kafa turakun siminti don shata hanyar. Ta kuma ga wata shekara, da ƙasa ta gaji hatsi ya ƙi, baban ya tsallake turke da kuyya biyu, wato layi biyu na shuka, tana biye da shi da ƙwaryar iri. Shekara ta zagayo ya ƙara. Bai yi don mugunta ba, bakuna ne suka yi yawa a gida. Amma hanyar ta tsuke, har shanu ba sa wucewa sai sun taɓa shuka, daga nan sai sanda da kuka.

Ta koma kan rubutun na'urar, wannan karon da tambaya ɗaya ga kowane layi: na yarda da wannan? Jerin da ta bi, daga dalili zuwa mafita, mai kyau ne, ta bar shi. Bayanin amfanin taki ga gona daidai ne, ta bar shi da kalmominsa ma. Haƙurin da aka raba daidai wa daida kuwa ta soke shi, don a abin da idonta ya gani, gona ce ta fara taka hanya. Ta sa turken. Ta sa yunwar da ta sa aka tsallake shi. Rubutun ya fito gajere, da ɗan karkata, wani wuri ma da tuntuɓe.

Ta kai wa Na'Allah, ta nuna masa abin da ta riƙe na na'ura da abin da ta zubar. Ya karanta a tsaye.

"Wannan naki ne. Shi ya sa nake tambaya, kin shirya? Na farkon ba wanda zai ji haushinki a kansa. Wannan kuwa, ko ba ki faɗi suna ba, Korahane ta san gonar wa ke bakin burtali."

Tsoro ya kama ta sosai. Ta ce a buɗe mata makirfo.

Filin Juma'a ya zama nata. Waya ta yi ta ƙara, wasu na godiya, wasu na zagi. Ita dai kira ɗaya take jira, bai zo ba sai bayan la'asar.

"Hamdiya."

"Na'am, Baba."

Tana jin kukan awaki a bayansa.

"Mutane na cewa wai yanzu waya ke rubuta muku abin da kuke faɗi. Ina ta fatan ita ce."

"Ba ita ba ce, Baba. Ni ce."

"Na sani," ya ce a hankali. "Waya ba ta riƙe mini iri ba ranar da na tsallake turken."