Uban Tanimu

Safara'u ta kai tarihin zuriyarsu, wanda marigayi mahaifinta ya rubuta zube kamar labari, shagon kwamfutar Theodora a Gada Biyu. So take a jera sunayen, kowane ɗa a ƙarƙashin ubansa, a ɗan tura shi ciki daga farkon layi.

Suna cikin aiki Theodora ta karanto: "Audu ya haifi Mahdi da Bala, shi kuma ya haifi Tanimu." Ta ɗago. "Hajiya, shi wa? Mahdi ko Bala?"

Tanimu kakan mahaifin Safara'u ne. Safara'u ta kira gwaggonta a waya, wadda ita kaɗai ta rage cikin manya, amma tsohuwar ko muryarta ba ta gane ba.

"Bar shi a farkon layi," Safara'u ta ce wa Theodora a sanyaye.

Haka aka buga takardar, Tanimu ba uba a samansa.