Hannun Amaryar Tsafe

Tajuddeen mai hoto na Tudun Wadar Gusau ya iya kyamara, amma wajen rubutu sai a hankali. Duk hoton bikin da ya ɗora a Instagram sai ya rubuta a ƙasa: GARAƁASA! KU HANZARTA! KU KIRA YANZU! kamar mai tallan magani a tasha. Ba wanda ya hanzarta. Ga Sha'aban ya ƙarato, lokacin da ake rububin aure kafin azumi, shi ko biki ɗaya bai samu ba. Ya riga ya gaya wa matarsa Mansura cewa in watan ya wuce a haka, kyamarar sai kasuwa.

Sai ya sauya salo, ya koma rubuta "Allah ya ba da zaman lafiya." Mutanen Gusau ba su da rowar amin. Amin ta yi ta zuba, waya kuwa shiru.

Akwai hoto ɗaya da yake ji da shi, na wata amarya, Nana Khadija, da ya ɗauka a Tsafe. Hasken taga ya sauka daidai a fuskarta, kuma ya san bai taɓa yin kamarsa ba. Ya kira ta neman izini.

"Maigidana bai yarda ba," in ji ta. "Ni ma haka. In dole ne, sa hannuna."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya yanke hoton, ya bar hannu da lalle, ya zauna yana hararar wayar. Mansura ta karɓe, ta rubuta: "Bikin Tsafe. Amarya ta ce hannunta kawai za a nuna. Sauran hotunan suna wurinta."

"Shi ke nan? Ina lamba?"

"Tana saman shafi. Mai so ya gani."

"Wanga ai ba talla ba ne, ban haƙuri ne."

Ta ɗora, ta koma wankinta.

Washegari wata Hajiya Delu ta kira daga Bungudu. Jikarta ce ta nuna mata hoton.

"Kai ne mai hoton da ba ya nuna mutane?"

Tajuddeen ya ce shi ne.

"To ɗiyana biyu za ni aurarwa. Wanda munka ɗauka bara, har Legas anka ga kunnen ɗiyata. Kai nike so, tun daga kamu har walima. Ƙanwata ma tana da biki, ta ce in riƙe mata kai. Amma mu ko hannun ba mu yarda ba."

Daɗi ya kama shi, baƙin ciki ma ya kama shi, don ya gane aikinsa mafi kyau ba mai ganinsa sai masu shi.

"To Hajiya, mi zan ɗora a shafin?"

Ta yi tunani tsakaninta da Allah.

"Akwai tukwanen shinkafa," in ji ta. "Su ba su da miji."