Inbois Mai Lamba 0417

Kwalin takalmi ƙanin maigida ya dangwarar mata a kan tebur, cike da rasitan shekara biyu na shagon fenti. Shi ya riƙe littafin shagon kafin a ɗauke ta akawu, kuma har gobe cewa yake kansa ya fi kwamfuta.

"Ki yi ta ɗaukar hoton takarda, 'yar boko. Mu a ka muke lissafi."

Ta janyo kwalin gabanta. Kowace takarda sai ta cire mata ƙusa, ta miƙar da ita, ta ɗora a sikana ta ɗauki hotonta, sannan ta shigar da sunan dila, lamba, kwanan wata da adadin kuɗi. Daga inda take tana hango Baba mai sito yana jan bokitai. Wata takwas ke nan ana yankar masa albashi, wai bokiti arba'in sun ɓace a hannunsa.

A rana ta uku kwamfutar ta ƙi karɓar wani inbois, takardar da dila ke aikowa ta neman kuɗin kaya. Wai an riga an shigar da mai lamba 0417. Ta tono na farkon ta jera su. Dila ɗaya, rana ɗaya, farin fenti bokiti arba'in. Na biyun kodaɗɗen kwafi ne, da tabon mai a gefe.

Ta buɗe bayanin banki. Maigida ya biya da takardar cek ranar da kaya suka iso. Bayan sati uku ƙaninsa ya sake tura kuɗin ta waya. Takardar karɓar kaya kuwa guda ɗaya tak, da sa hannun Baba. Littafi ya ce tamanin, sito ya ga arba'in.

Ta shimfiɗa wa maigida takardun a jere, ƙanin na tsaye yana sakace.

"Ranka ya daɗe, kayan nan sau ɗaya suka zo. Sau biyu aka biya."

"Yaya, kar ka biye mata, na'urar ce ta rikice!"

Maigida ya ɗaga kwafin saitin taga. "Na'urar ce ta yi wannan sa hannun mai kama da tafiyar tsutsa? Kai da kake cewa kanka ya fi kwamfuta?"

"Direbansu ne ya kawo, ya ce ba a biya ba."

"Ko takardar ƙunshin gyaɗa aka miƙo maka, in da hatimi biya za ka yi."

Ta kira dilan ta nemi bayanin asusunsu. Rarar kuɗin na nan zaune ba wanda ya waiwaye ta, suka ce za su aiko takardar ragi a cire daga oda ta gaba. Maigida ya tashi zai fita, ya gama da magana.

"Saura albashin Baba na wata takwas," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta riga ta buga takardar mayar masa da abin da aka yanke, sa hannu kawai ya rage.

Maigida ya sa hannu, yana harare-harare. Aka kira Baba ya karɓa, ya dubi ƙanin sama da ƙasa, ya ɗauki kwalin da ya zama fanko ya miƙa masa.

"Ungo ofis ɗinka, ɗana."