Buhu Arba'in na Sabo

A shekarar tamanin da huɗu, da damina ta yi wa mutane rowa, Mushe Dalhatu yana koyar da lissafi a wata kwaleji a yankin Gidan Rumji. Mushe ake ce wa malamin lakol, wato makaranta, a can, ba wai ya mutu a daji ba, ko da yake a shekarar nan duk wanda ya ga ƙashin wuyansa zai yi shakka. Rabin ajinsa sun bi iyayensu kudu neman abinci. Waɗanda suka rage, yunwa ta sa ko tambayarsu ya yi sai su zuba masa ido kawai.

Sai ya ce bari ya kawo musu abin da ba ya cikin littafinsu, ko idonsu ya buɗe. Matiris ake ce masa: lambobi a jere cikin baka biyu, layi kwance da layi tsaye, kowace lamba da mazauninta. Ya je wajen Sabo mai shago, uban ɗalibarsa Baturiya, ya roƙe shi ya bar yara su ƙirga kayansa na shago da na rumfarsa ta kasuwa.

"Mushe, mi za a ƙirga a nan?" in ji Sabo. "To, ku ƙirga. Amana dai."

Washegari ya rubuta HATSI da SABULU a saman allo, a gefe kuma SHAGON SABO da RUMFAR KASUWA. Shago: buhun hatsi biyu, sandar sabulu arba'in. Rumfa: buhu ɗaya, sanda ashirin da biyar.

( 2   40 )
( 1   25 )

Kai, yaran nan suka farka! Suka ninka komai da biyu, suka yi ta dariya wai Sabo ya zama Alhaji. Daga nan ya nuna musu wata ƴar matiris, sifiri da ɗaya a sama, ɗaya da sifiri a ƙasa. Ya ce a ajiye ta a dama, a ɗauki layin kwance na Sabo a haɗa da layin tsaye nata. Biyu sau sifiri, a tara da arba'in sau ɗaya: arba'in. Biyu sau ɗaya, a tara da arba'in sau sifiri: biyu. Lambobi suka yi musanyar mazauni. Don allin ya kusa ƙarewa kuma allon ya cika, sai ya goge tsofaffin lambobin da tafin hannu, ya rubuta sababbin a gurbinsu.

( 40   2 )
( 25   1 )

Sunayen da ke sama kuwa ya manta bai juya su ba. Aka buga ƙararrawa, kowa ya watse. Wanke allo da ruwa an daina tun da rijiyar lakol ta ƙafe.

Da yamma aka yi rabon dawar agaji a filin lakol. Tagar aji ba ta da marfi, kuma cikin masu jiran layi ba a rasa mai karatu ba.

Da safe yana ɗaura takalmi, Baturiya ta faɗo gidansa ba sallama.

"Mushe, sun kama Baba! Wai ya ɓoye hatsi buhu arba'in!"

Nan take ya tuna allon da ya bari bai goge ba. A lokacin nan, wanda aka kama da ɓoyon hatsi, shagonsa a rufe, shi kuma sai gidan kaso a Maraɗi. Ya ruga da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ƙofar shagon ta cika maƙil. Sabo yana zaune a ƙasa, hularsa a gefe. Mata da ƙwaryoyi a hannu suna ta Allah ya isa, wata tsohuwa tana cewa jikanta ya kwana yana kuka alhali wannan azzalumi yana kwance a kan hatsi. Wani jandarma mai suna Hayatu yana tsaye a kansa.

"Buhu biyu na gani," in ji jandarma. "Ina talatin da takwas? Ina na rumfa?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ban taɓa ganin buhu arba'in wuri guda ba sai a mota."

Sabo ya ɗaga kai ya ga Mushe Dalhatu. Bai zage shi ba, da ma zagin ya yi. Ya ce a hankali, "Mushe, ai amana na ce."

Kunya ta kama malamin. Ya fara bayani, Faransanci na shiga cikin Hausa. Jandarma ya ɗaga masa hannu.

"Kai ka rubuta, dole ka kare. Wa ya ƙirga kayan?"

"Ɗiyarshi da ƴan ajinsu."

"To ita za ta nuna mini. Kai kuma ka kama bakinka."

Aka ɗunguma zuwa lakol, Sabo a tsakiya. Ga allo nan yadda aka bar shi: HATSI, ƙarƙashinsa arba'in ɓaro-ɓaro. Mutane suka cika taga. Mushe Dalhatu ya miƙa wa Baturiya guntun alli, yana addu'a a zuci, don shi kansa bai san ko darasin jiya ya zauna mata ba, yarinyar da ta zo aji ba ta karya ba.

Ta tsaya tana kallon allon. Can ta nuna ƴar matiris ɗin da ke gefe.

"Wannan aikinta musanya. Ta kai na hagu dama, na dama hagu. In an sake sa ta, kowa ya koma gidansu."

"Sa ta mu gani," in ji Hayatu.

"Arba'in sau sifiri, sifiri. Biyu sau ɗaya, biyu. An tara, biyu." Ta rubuta. "Arba'in sau ɗaya, da biyu sau sifiri, arba'in."

Ta yi layin ƙasa, ɗaya da ashirin da biyar suka fito. Jandarma ya matso ya bi lissafin da yatsa, leɓensa na motsi.

"Biyun nan na gani da idona," ya ce. "To arba'in ɗin mi ne?"

"Sabulu."

Aka koma shago. Hayatu da kansa ya sauko da kwali, ya riƙa jera sanduna a kan tebur, jama'a na ƙirgawa tare da shi. Arba'in cif. Ko ɗaya ba a saya ba, wa zai sayi sabulu a garin da ake rabon ruwan sha da ludayi? Ya aika rumfa, aka dawo aka ce buhu ɗaya ne, sabulu ashirin da biyar.

Wani ya fashe da dariya, dariyar ta bazu, amma ba ta daɗe ba. Mata suka juya da ƙwaryoyinsu wayam. Tsohuwar nan ta ɗauki hular Sabo ta kakkaɓe, ta miƙa masa, ta ce ya yafe mata.

"Tashi, baba," in ji jandarma. Ya juyo ga malamin. "Kai kuma Mushe, in ka juya kaya, ka juya sunansu."

Mushe Dalhatu ya durƙusa gaban Sabo zai ba da haƙuri. Sabo bai ko saurare shi ba, yana ta shafa kan ɗiyarsa yana alhamdulillahi. Sai ya dubi tulin sabulun, ya dubi bayan matan da suke tafiya, ya rage murya.

"Mushe, don Allah, abin nan naka da ke maida sabulu hatsi. A kan allo kaɗai yake yi?"

"A kan allo kaɗai, Malam Sabo."

"Kash," in ji Sabo. "Da na ba ka duka arba'in ɗin."